Taron bidiyo mai masu jawabi bakwai: wa ke yanke abin da jama'a za su gani a allo?

Malam Aminu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba gudanar da manyan taruka a Zoom. A watan jiya ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta yi taro, wasunmu suna zaune a wani zaure a Tudun Wada inda muka haɗa kwamfuta da majigi, sauran kuma suka shigo daga garuruwa daban-daban. Ni ne na riƙe taron. Da shugabanmu ya fara jawabi sai na danna Pin a kan hotonsa, ya cika allon kwamfutata, hankalina ya kwanta cewa kowa shi yake gani. Sai bayan an tashi aka sanar da ni cewa a bangon zaure hoton yana ta tsalle ne, daga shugaba zuwa wani da ke cikin mota, daga nan zuwa wata baiwar Allah da yaronta ke kuka. Ranar Asabar mai zuwa muna da lacca mai masu jawabi bakwai, muna kuma sa ran mutum kusan ɗari da tamanin. Me ya kamata in yi don kada a maimaita wannan?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Ni ne shugaban da ake magana, kuma gaskiya abin ya dame ni, domin ina tsakiyar ambaton mamatanmu na ɗaga kai na ga mutum yana tuƙi a bango. Ba na ganin laifin Aminu, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma wannan karon akwai manyan baƙi, don haka ina so a fahimci abin tun daga tushe.

Usman: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Malam Aminu, matsalar ita ce Pin naka ne kai kaɗai, ba ya fita daga allonka. Abin da kake buƙata shi ne Spotlight. Ka kai linzamin kwamfuta kan hoton mutumin, ka danna ɗigo uku da ke kusurwar sama, ka zaɓi Spotlight for Everyone. Da zarar ka yi haka, kowa da ke taron dole shi zai gani, babu wanda ya isa ya canza har sai ka cire.

Injiniya Hadiza: Usman ya faɗi gaskiya a rabin farko, amma rabin na biyu yana buƙatar gyara, kuma gyaran yana da muhimmanci ga taron Asabar. Bari in fara da dalilin da ya sa hoton ya riƙa tsalle. Kwamfutar da ke haɗe da majigi tana kan Speaker View ne, wanda aikinsa shi ne ya fito da duk wanda manhajar ta ji sautinsa ya fi ƙarfi a wannan lokacin. Manhajar ba ta san shugaba ba, ba ta san mai tuƙi ba, sauti kawai take bi. Saboda haka duk lokacin da Alhaji ya tsaya ya ja numfashi, idan akwai makirufon da aka bari a buɗe, ƙahon mota ko kukan yaro ya isa ya ƙwace allon. Pin ɗin da Malam Aminu ya danna ya hana wannan tsallen ne a kwamfutarsa kawai, shi ya sa shi kaɗai ne a cikin taron bai ga ɓarnar ba.

Spotlight kuwa mai riƙe da taro ne ko mataimakinsa, wato Host ko Co-host, kaɗai ke iya sa shi, kuma yana maye gurbin bin sautin nan ga kowa. Inda na saɓa da Usman shi ne cewar babu wanda zai iya canzawa. Wanda ya ga dama yana iya danna View a kusurwar sama ta dama ya koma Gallery View, ya ci gaba da kallon ƙananan hotunan jama'a. Wato kai ne ke zaɓar wanda zai fito a babban allo, amma ba ka ɗaure kowa a kan babban allon ba. Don haka kwamfutar majigi tana buƙatar mutum guda da zai zauna kusa da ita ya tabbatar tana kan Speaker View, kada kuma a bar kowa ya taɓa ta.

Usman: Na karɓi gyara, Anti Hadiza. Na gwada yanzu da ƙannena biyu, kuma lallai na iya komawa Gallery View duk da an haska ɗaya daga cikinsu.

Malam Aminu: Na gode ƙwarai. To amma ni jiya da dare na gwada da kwamfutata da wayata, na danna ɗigo ukun nan, Pin kawai na gani, babu Spotlight ko kaɗan. Ko sai an biya wani kuɗi ne kafin ya fito?

Injiniya Hadiza: Ba batun kuɗi ba ne, Malam. Spotlight ba ya fitowa sai mahalarta sun kai uku, kai kuma da na'ura biyu ka yi gwajin. Ka ari wayar wani a gida ka shigar da ita ta zama ta uku, ku kunna kyamarorin, za ka gan shi. Inda kuɗi ya shigo shi ne yawan jama'a: asusun kyauta mutum 100 yake ɗauka kuma yana yankewa bayan minti 40, ko ƙaramin asusun biya ma mutum 100 ne iyakarsa. Tunda kuna sa ran ɗari da tamanin, ka duba iyakar asusunku yau, kada a bari sai ranar taro mutane su tarar an cika.

Malam Iliya: Ni a ganina duk wannan dogon zance ne. A toshe bakin kowa da Mute All kawai, a huta. Idan babu mai surutu ai hoton ba zai yi tsalle ba. Haka muke yi a karatun da muke gabatarwa duk Lahadi daga Sabon Gari, ba mu taɓa samun matsala ba.

Injiniya Hadiza: Malam Iliya, a karatunku mutum ɗaya ne ke magana daga farko har ƙarshe, shi ya sa hakan ya ishe ku. Kuma ina goyon bayan a yi Mute All, har ma a cire alamar da ke kan Allow participants to unmute themselves, domin Spotlight hoto kawai yake tsarawa, ba ya rufe makirufon kowa. Mai tuƙin nan ba zai fito a bango ba, amma za a ji ƙahonsa. Sai dai taron Malam Aminu akwai zaman tattaunawa, inda mutum biyar ko shida za su kasance da makirufo a buɗe lokaci guda. A nan idan ɗaya yana magana wani ya ce "haka ne" ko ya yi gyaran murya, allon zai koma kansa na ɗan lokaci ya dawo, masu kallo su rasa wa ke da magana. Rufe bakin sauran jama'a ba ya maganin wannan.

Malam Aminu, don Allah ka turo mana tsarin taron, mu bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Malam Aminu: Ga shi. Liman zai buɗe da addu'a daga zaure, sai Alhaji ya yi jawabin maraba, shi ma daga zaure. Babban mai lacca zai shigo daga Abuja, zai yi kamar minti talatin kuma yana da rubutun da zai nuna a allo. Bayansa masu sharhi huɗu, biyu daga Kano, ɗaya daga Kaduna, ɗaya daga ƙasar waje, da mai gabatarwa da ke Samaru yana raba musu magana. Daga nan tambayoyi, sai addu'ar rufewa.

Injiniya Hadiza: Madalla. Abu na farko, zauren yana buƙatar na'ura guda da za ta zama idonsa, waya ko kwamfuta da aka kafa tana fuskantar mumbari, a sa mata suna bayyananne kamar "Zauren taro". Liman da Alhaji duk ta wannan na'urar za su fito, saboda haka ita za ka fara haskawa tun kafin jama'a su cika, ka bar ta har Alhaji ya gama. Duk wata na'ura da ke cikin zauren, har da taka, kada ta shiga da sauti, in ban da guda ɗaya da aka haɗa da lasifika, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta hana kowa ji.

Idan aka zo kan mai lacca, ka je kan hotonsa ka zaɓi Replace Spotlight, ba Add Spotlight ba. Bambancinsu shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Na farko yana sauke wanda ke sama ya ɗora sabon, na biyun kuma yana ajiye su gefe da gefe. Idan ka danna Add a nan, Alhaji zai koma kujerarsa, jama'a su yi rabin awa suna kallon mai lacca a gefe guda da mumbari babu kowa a ɗaya gefen. Idan makirufon mai laccar a rufe yake, ka aika masa Ask to Unmute, domin haskawa ba ta buɗe shi da kanta. Da ya fara nuna rubutunsa, rubutun ne zai cinye yawancin allon, hotonsa ya koma ƙarami. A kwamfutar majigi a zaɓi Side-by-side: Speaker, sannan a ja layin da ke tsakanin rubutun da hoton har fuskarsa ta yi girman da na bayan zaure za su gani.

A zaman sharhi ne Add Spotlight ke da amfani. Ka tabbatar mai lacca ya daina nuna rubutunsa, ka bar shi a sama, ka ƙara mai gabatarwa da masu sharhi huɗu, su zama shida. Zoom yana yarda a haska har mutum tara a lokaci guda, don haka ba ku kai iyaka ba. Shawarata ita ce kafin a fara ka sa lamba a gaban sunan kowane mai jawabi ta hanyar Rename, daga 1 zuwa 7, domin neman mutum guda a cikin ɗari da tamanin, alhali rabinsu sunan wayarsu ne ke fitowa a maimakon sunansu, yana cin lokacin da ba ka da shi.

Alhaji Garba: Hadiza, Allah ya yi miki albarka, bayanin ya fito. Amma ina da ja a kan haska mutum shida tare. Ɗaya daga cikin masu sharhin dattijo ne da ya haura tamanin. Idan aka ajiye fuskarsa a bango na tsawon minti arba'in alhali ba shi ke magana ba, zai sha ruwa, zai gyara zama, ƙila ma gyangyaɗi ya ɗauke shi, kuma duk jama'a suna kallo. Ni ina ganin mutunci ya fi kyau a nuna mai magana shi kaɗai, ko shi da mai gabatarwa.

Usman: Baba, akwai kuma wani dalilin da ke goyon bayanka. Yawancin mutanenmu da waya za su shiga. A allon waya fuska shida ba za su fito da girman da za a gane su ba, ko Gallery View ma mutum kaɗan yake nunawa a shafi ɗaya, sai an ja allon gefe kafin a ga na gaba.

Injiniya Hadiza: Hujjar Baba tana da ƙarfi, kuma ban tuna da dattijon ba. Sai dai kowace hanya da kuɗinta. Idan biyu-biyu za a haska, to duk lokacin da magana ta koma hannun wani sai an cire ɗaya an ƙara ɗaya, kuma a tattaunawar da ta yi zafi mutane suna amsa wa juna cikin daƙiƙoƙi. Mai dannawa zai riƙa makara, a ji murya amma a ga fuskar wanda ya riga ya yi shiru, wanda a ganina ya fi rikita mai kallo. Matsakaiciyar hanya ita ce a zagayen farko, lokacin da kowane mai sharhi ke da mintinsa biyar shi kaɗai, a haska shi da mai gabatarwa. Idan aka buɗe musayar ra'ayi sai a ɗora su duka, bayan an sanar da su tun kafin taro cewa a wannan zangon ana ganinsu ko ba su magana. Dattijon kuma a bar masa zaɓi.

Alhaji Garba: Zan kira shi in ji ta bakinsa. Har yanzu dai zuciyata ta fi karkata ga biyu-biyu.

Malama Rabi: Ku yi haƙuri in shigo da tawa buƙatar. Muna da 'yan ƙungiya uku kurame, kuma na nemo wadda za ta yi musu fassara da hannu. A wancan taron sun kafe hotonta da Pin, amma sai suka daina ganin mai magana gaba ɗaya, ɗayansu ya ce mini bai san ko wane ne ake fassara masa ba. Shin babu yadda za su ga biyun tare?

Injiniya Hadiza: Akwai hanya biyu, Malama. Ɗan taro na yau da kullum mutum ɗaya kawai yake iya kafewa, amma Malam Aminu yana iya buɗe Participants, ya nemi sunan kowane ɗaya daga cikin ukun, ya danna More, ya zaɓi Allow to Multi-pin. Daga nan za su iya kafe har mutum tara, sai su ajiye mai fassara su riƙa sauya na kusa da ita da kansu. Wahalar ita ce aikin ya koma kansu, kuma sai wani ya riƙa rubuta musu sunan mai magana na gaba. Hanya ta biyu ita ce a haska mai fassarar ga kowa tun farko, a bar ta a sama har ƙarshe. Idan aka zaɓi wannan, to abin da na faɗa ɗazu game da Replace Spotlight ya canza: kada a yi amfani da shi, domin kada ya sauke ta tare da wanda ya gama. Sai a fara da Add Spotlight a kan sabon mai magana, sannan Remove Spotlight a kan tsohon. Ni ta biyun na fi so, domin ba ta ɗora wa kuramen wani nauyi.

Malam Iliya: To shi Gallery View ɗin ke nan ba shi da amfani a irin wannan taro?

Injiniya Hadiza: Yana da shi, amma ga mai riƙe da taro ya fi amfani. Malam Aminu shi a kansa ya kamata ya zauna, domin daga nan zai ga wanda ya buɗe kyamara a inda bai dace ba, da wanda ya ɗaga hannu, tunda masu danna Raise Hand suna tahowa farkon shafi bisa jerin da suka ɗaga. Wannan ne zai yi masa jagora a lokacin tambayoyi: ya ƙara mai tambaya kusa da wanda aka tambaya, ya ba shi izinin buɗe makirufo, da ya gama ya sauke shi ya kuma sauke hannunsa. A kwamfuta shafi ɗaya mutum 25 yake ɗauka, ana iya mayar da shi 49 a Settings ƙarƙashin Video idan kwamfutar tana da ƙarfin hakan. A 25, mutum ɗari da tamanin shafi takwas ke nan, saboda haka ya kunna Hide Non-video Participants, baƙaƙen akwatunan waɗanda suka rufe kyamara su ɓace. Yana kuma iya jan hotunan masu jawabi da linzami ya jera su a layin farko, idan ya zaɓi Follow Host's Video Order sai masu kallon Gallery View su ga jerin nasa. A Windows, Alt+F1 yana kai ka Speaker View, Alt+F2 ya mayar da kai Gallery View.

Wuri ɗaya da zan so a nuna shi a bango shi ne bayan addu'ar rufewa. A cire duk haskawa, a juya kwamfutar majigi zuwa Gallery View, a ce kowa ya buɗe kyamara, tsofaffin abokai da suka shekara talatin ba su haɗu ba su ga juna su gaisa.

Malam Aminu: Wannan zai yi wa dattawanmu daɗi. Abin da ya rage mini shi ne tsoron abin da ya same ni wancan karon, wato in ga komai daidai a gabana alhali jama'a wani abu daban suke gani. Ta yaya zan gane tun ana cikin taro?

Injiniya Hadiza: Ka ajiye waya ta biyu kusa da kai, ta shiga a matsayin ɗan taro kamar kowa, ba tare da sauti ba, kada kuma ka kafe kowa a kanta. Duk abin da ka danna a kwamfuta, ka dubi wayar kafin ka yarda ya yi. Za ta yi maka amfani musamman idan sabis ya yanke wa mai magana, domin wanda ya fita ya dawo ba ya dawowa da haskensa, sai an sake ɗora shi, kuma idan shi kaɗai ne a sama allon jama'a zai koma bin sauti ba tare da wani ya sanar da kai ba. Saboda irin wannan ne nake so Usman ya zama Co-host daga wani wuri daban, a kan wani layin sadarwa daban, yana riƙe da jerin masu jawabi a takarda. Idan wuta ta ɗauke a zaure kafin janareto ya tashi, shi zai ci gaba da aikin.

Ka kuma yanke tun yanzu inda za a ɗauki taron. Idan ka zaɓi Record on this Computer, abin da ke allonka ne zai shiga, wato idan kana zaune a Gallery View kana leƙa shafuka, ƙananan hotunan ne za su fito a faifan. Idan Record to the Cloud ne, Pin ɗinka ba ya shafarsa, Spotlight kuwa yana shafar ɗaukar mai magana.

Usman: Na amince, zan zauna a gida a Gyallesu in riƙe ta can. Amma Malam Aminu, sai mun raba aiki a fili, domin idan ni da kai muka danna a lokaci guda, ɗaya zai warware abin da ɗaya ya yi. Ina ganin ka riƙe haskawa, ni in riƙe makirufo da masu ɗaga hannu, sai idan na ga ka ɓace in karɓi duka.

Malama Rabi: Ni dai roƙona a sa mai fassarar cikin gwajin da za ku yi, domin tana buƙatar ta ga ko hannayenta suna fitowa sosai idan hoton ya ragu, musamman a lokacin da za a haska mutum shida, ita ta bakwai.

Malam Aminu: Za a sa ta, Malama. Zan buɗe gwaji ranar Alhamis bayan sallar Isha'i, in sha Allahu, kuma zan turo wa masu jawabi duka su shigo ko na minti goma ne. Alhaji, idan ka ji ta bakin dattijon kafin lokacin, don Allah ka sanar da ni, domin in san ko biyu-biyu za mu gwada ko duka tare.

Alhaji Garba: Zan kira shi gobe da safe. Ku gwada duka biyun a bango, ni ma zan zo zauren in gani da idona kafin in yanke.